Dogon fin ko mai iyaka: wa wannan lissafin ya taɓa kayarwa?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na karɓo asaimen ɗina ya sha jan biro. An ce mu nemo zafin da yake fita daga fin, wato ƙarfen da ake ɗora wa abu don ya zubar da zafi, na alminiyam mai siffar ƙusa, kaurinsa milimita 10, tsawonsa milimita 50, yadda ƙarfen ke tafiyar da zafi `k = 200`, yadda iska ke ɗauke shi `h = 25`, gindinsa digiri 100, iska kuma 30. Don gudun wahala sai na ɗauke shi a matsayin dogo marar iyaka, na samu wat 7.78. Na sake danna kalkuleta sau uku, amsar ba ta canza ba. Ina na kauce?

Yaya Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kalkuletarka ba ta yi ƙarya ba, zatonka ne ya yi. Ba da ido ake gane dogon fin ba, da `mL` ake ganewa. A naka, `m = √(4h/kD)` ya ba da 7.07, ka ga `mL` bai wuce 0.354 ba. Sai ya kai wajen 2.65 kafin `tanh(mL)` ya zama 0.99, a ce tsawo ya daina ƙara komai. Wato da wannan ƙarfen sai ka samu kusan santimita 37, kai kuwa 5 gare ka.

Ga gwajin da nake yi tun muna ɗalibai. Ka ƙaddara jikin fin ɗin gaba ɗaya, har bakinsa, yana kan digiri 100. Faɗin jikin sau 25 sau 70 zai ba ka wat 2.89. Wannan ne iyakar abin da zai iya zubarwa ko ana ha-maza-ha-mata. To 7.78 daga ina?

'Yar Tudun Wada: Ni kuma bara amsa mai sinh da cosh ɗin nan ce ta cinye min lokaci a jarrabawa, na juya sama da ƙasa. Daga baya wata ta nuna min a ƙara rabin kauri a kan tsawo, a yi kamar baki a toshe yake. Tun daga nan ban sake waiwayarta ba. Ɗan Samaru, ƙara milimita 5 kawai.

Yaya Injiniya: Hajiya, dabarar daidai ce, amma rabin kauri na fin mai faɗi ne, irin falle. Mai siffar ƙusa rubu'i ake ƙara masa:

```
Lc = L + t/2
Lc = L + D/4
q  = M·tanh(mLc)
```

Dalili kuwa, fatar bakin ake ɗaukowa a naɗe ta a gefe, a ce fin ya ɗan ƙara tsawo, bakin kuma ba ya fitar da komai. Tsawon da za a ƙara shi ne faɗin fuskar baki a raba da kewaye, kuma a da'ira rubu'in kauri yake bayarwa. `M` ita ce 7.78 ɗin da ya riga ya samu. Da milimita 52.5, `mLc` ya zama 0.371, amsa wat 2.76. Na bi doguwar hanyar sinh da cosh ɗin ma don in huta da gardama, 2.76 ɗin dai ta fito. In aka toshe bakin ba a ƙara komai ba, 2.64 ne, an yi asarar kusan kashi 4 cikin ɗari.

Bakaniken Sabon Gari: Ranka ya daɗe Injiniya, ni ban yi bokon nan ba. Wani ya kawo min babur haƙarƙarin silindarsa biyu sun ɓalle a baki. Kana nufin in na yi masa walda na ƙara tsawo zai daina zafi?

Yaya Injiniya: A'a Malam, wannan ƙarin a takarda yake, ba a ƙarfe ba. Fara wanke laka da baƙin mai da suka cike tsakaninsu tukuna.

Ɗan Samaru: Yanzu na tuna, a lab mun taɓa ɗora tamokoful a bakin wani gajeren fin irin wannan, ya nuna kusan zafin gindi, muka ce na'urar ce ta lalace. Na lissafa na asaimen ɗin yanzu: zaton dogon fin ya ce baki digiri 79, `Lc` ya ce 95. Ashe mu ne.

'Yar Tudun Wada: To Yaya, yaushe dabarar take ƙin ci? Don ni na mayar da ita maganin kowace cuta.

Yaya Injiniya: A duba `hD/2k`, ko `ht/k` in falle ne. Muddin bai haura 0.0625 ba, kuskuren ba abin kulawa ba ne. Na Ɗan Samaru 0.0006 ne. Amma a tsoma sandar sitenles mai wannan kauri a ruwa, `k = 15`, `h = 1000`, sai ya tashi 0.33. A nan ma zaton cewa ciki da wajen sandar zafinsu ɗaya ya fara rawa.

'Yar Tudun Wada: Abin da bai kwanta min ba shi ne ɗaukar `h` na baki daidai da na gefe. A aikina na ƙarshe fanka kai tsaye take hura bakin, gefen kuma maƙwabtansa sun kare shi. Wace `h` zan sa?

Yaya Injiniya: In kin auna guda biyun, doguwar hanya ce ke da gurbin kowacce. Kin auna?

'Yar Tudun Wada: Tamokoful ɗaya muke karɓa-karɓa mu shida.