Abin da aka tattauna kan mayar da "you" zuwa Larabci

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda za a fassara kalmar Turanci "you" zuwa Larabci:

1. Kowa ya yarda "you" guda ɗaya tana rabewa biyar a Larabci: anta ga namiji, anti ga mace, antuma ga mutum biyu, antum ga jam'in maza, antunna ga mata zalla. Mu Hausawa mun saba da kai, ke, ku. Na mutum biyu da jam'in mata ne baƙi a gare mu.

2. Canjin yana bin aikatau. "Write your name" ga namiji uktub ismaka ne, ga mace uktubi ismaki. An ja hankali cewa idan babu wasali, اسمك, wato ismaka ko ismaki, iri ɗaya ake rubuta shi ga namiji da mace, amma aikatau ɗin yakan tona asiri, domin na mace yana ƙarewa da harafin ya.

3. An rabu kan takardar da ba a san mai karanta ta ba. Wasu sun tsaya kan anta, wai haka aka saba. Wasu sun fi son antum, tunda yana ɗaukar girmamawa kamar "ku" ɗinmu. Kaɗan suka ce a kauce wa "you" gaba ɗaya ta amfani da masdari, wato suna ɗan aikatau: yurja kitabat al-ism, wato ana roƙon a rubuta suna. Ni wannan ya fi kwanta mini a fom, amma a wasiƙa ya yi sanyi da yawa.

4. A taron maza da mata, antum ake amfani da shi.