Neman kalmar Hausa: abin da salula ke yi da lambobinmu

Malam Isufu, Tawa: Assalamu alaikum. Ina shirya wani shiri na gidan rediyo, sai na cije a kan rubutun da ke fitowa a salula, `Synchroniser les contacts`. Na rubuta "daidaita lambobi", amma da na karanta wa ƙanwata sai ta ɗauka gyaran lambar da aka rubuta ba daidai ba ake nufi.

Hajiya Rabi, Yamai: Malam, ni "ajiyar lambobi" zan ce, domin lokacin da salulata ta faɗa ruwa na sayi wata, ina shigar da adireshina na Google lambobina suka dawo, har ta mai kawo mini albasa daga Galmi.

Abdu, Tawa: A ganina "kwashe lambobi" ya fi, tunda kamfani ne ke ɗauka. Maganinsa kuwa sauƙi ne, mutum ya kashe maɓallin ko ya goge manhajar, shi ke nan.

Injiniya Sani, Yamai: Abdu, ka yi gaskiya cewa kamfani ke ɗauka, amma abin da aka kwashe ba ya nan, alhali lambobinka suna nan cikin salula, kwafinsu ne ya tafi. Kashe maɓallin yana hana aika sababbi kawai, goge manhajar ma ba ya taɓa abin da ya riga ya isa wurinsu. A Telegram, ga yadda yake a salulata mai Ingilishi: a shiga `Settings`, sannan `Privacy and Security`, a fara kashe `Sync Contacts`, sai a danna `Delete Synced Contacts`. Wanda ya share bai kashe ba, manhajar za ta sake aikawa, kuma zai gane haka idan sunayen da ya share suka dawo. Mai salula biyu sai ya kashe a kowace.

Hajiya, naki wani iri ne, domin na Google yana tafiya ta ɓangarori biyu. Idan kika share lamba a `contacts.google.com` za ta ɓace daga salularki ma, sai dai tana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ta tafi gaba ɗaya. Don Allah kada ki bi matakan da na ba Abdu a can.

Shi ya sa nake ganin kalma ɗaya ba za ta wadatar ba: "daidaita" ga irin na Hajiya, "ɗora lambobi" ga wanda ke tafiya bai dawowa.

Malam Isufu: Na gode, Injiniya. "Ɗora" ta kwanta mini, sai dai ba ta nuna cewa abin yana maimaituwa duk lokacin da na rubuta sabuwar lamba ba, ba ta kuma nuna cewa masu lambobin ba a tambaye su ba, wanda shi ne ya fi damuna. Ranar Asabar zan ce "ɗora lambobin mutane a kai a kai", in ji abin da masu kira za su ce.

Abdu: Ta yi tsawo ga maɓalli, Malam.