Wace Hausa za mu yi wa harajin ribar sayar da zinare?

Tafinta: Assalamu alaikum. An ba ni takarda mai shafi biyu in mayar da ita Hausa kafin Asabar, za a raba wa mutanenmu na Bronx da ke birnin New York a Amurka, a taron bayani kan haraji, tunda 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, ta matso. Wani sashe ya shafi wanda ya sayar da zinare ya ci riba. Kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko abin da Bature ke kira kafital gen, ta biyu kos besis, adadin nan da ake cirewa daga kuɗin sayarwa kafin a ce ga riba. Na rubuta "harajin riba" da "jari", amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Harajin riba ya wadatar mana. Kowa ya san riba. Kar ka wahalar da tsofaffi.

Hajiya Akanta: Bai wadatar ba, Baban Ummi. Mai shagon gwal da ke saye da sayarwa kullum shi ma riba yake ci, amma hukuma tana ɗaukar tasa a matsayin kuɗin shiga na sana'a, lissafinsa daban. Wanda takardar ke nufi shi ne mutumin da ya sayi zinare ya ajiye, bayan wani lokaci ya sayar. In ka ce harajin riba kawai, ka haɗa su a kwando ɗaya. Ni dai in ina yi wa mutane bayani a ofis cewa nake "harajin ribar kadara". Ta biyun kuma kar ka sa jari. Jari na mai juya kuɗi ne. Matar da ta sayi warwaro ta jefa a akwati ba za ta ji da ita ake ba. Sa "uwar kuɗi".

Malam Na-Zazzau: Kadara ai gida ce ko gona. Wa ya taɓa kiran ɗan kunne kadara? Ni na daɗe da samar wa wannan abu suna, na kuma faɗa a nan tun bara ba a kula ni ba: harajin tofon dukiya. Dukiya ce ta yi tofo. Gajere, Hausa tsantsa, babu aro.

Hajiya Akanta: Malam, da girmanka, matan Kano ba su da kadarar da ta wuce gwal, shi suke fitarwa ranar da ta ɓaci. Kuma tofon nan zai sa mutane firgita a banza. Zinarenka yana iya ninka kuɗinsa yana kwance a akwati shekara 10, babu wanda zai ce ka biya sisi. Sai ranar da ka sayar, ko ka musanya shi da wani abu, sannan maganar haraji ta taso. In aka ce tofo, tsohuwa za ta zaci duk shekarar da farashi ya hau sai ta biya.

Maman Sadik: To ai dama duk shekara ake fitarwa. Ni nawa ya kai giram 85, ina cire biyu da rabi cikin ɗari. Ko an sauya ne?

Baban Ummi: Wannan zakka ce, Maman Sadik. Na gwamnati ake magana. Kuma ku sani, a Amurka kashi 28 cikin ɗari ne a kan zinare, babu ragi. Wani abokin aikina haka aka yanke masa.

Hajiya Akanta: Rabin gaskiya ke nan. Kashi 28 rufi ne, ba kowa yake kaiwa can ba. Amurka ta sa zinare a rukunin kayan tarawa, tare da zane-zane da tsofaffin sulalla, shi ya sa rufinsa ya fi na hannun jari tsawo. Amma in matakin harajinka bai kai haka ba, misali kashi 12, da shi za a yi maka lissafi. Rufin kuma na wanda ya riƙe zinaren fiye da shekara ɗaya ne. In ka sayar kafin nan, ribar tana bin sahun albashinka, ga mai babban albashi tana iya wuce 28 ɗin. Ban ma sa harajin jiha ba.

Tafinta, bari in ba ka misali da za ka iya sawa a takardar, shi zai nuna maka abin da ya sa na nace a kan uwar kuɗi. A ce mace ta sayi sandar zinare mai giram 100 a 2019 a kan dala 4,200, ta biya dillali dala 100. Uwar kuɗinta 4,300 ke nan, domin la'adar saye tana shiga ciki. A ƙarshen 2024 ta sayar, 8,300 suka shigo hannunta. Ribar da za a taɓa 4,000 ce. Ko da rufin aka kai ta, 1,120 za ta biya.

Yanzu a ce an tambaye ta shaidar saye ba ta da komai. Nauyin kawo hujja a kanta yake, ba a kan hukuma ba. In ta kasa, suna iya ɗaukar uwar kuɗin a matsayin sifiri, su ce duka 8,300 riba ce. Harajin ya koma 2,324. Ta yi asarar dala 1,204 saboda 'yar takarda ɗaya. Kuma rasidin ne ke nuna ranar saye, da ita ake tabbatar da cewa ta riƙe fiye da shekara.

Malam Na-Zazzau: Kun ji ko? Rasidi, gwal, dala, akanta. Rabin maganar ba tamu ba ce. Mun zama 'yan amshin shata. Ina laifin "takardar shaidar ciniki"? Kuma zinariya ake cewa, gwal bakin 'yan kasuwa ne.

Ɗan Damagaram: Malam, harajin da ka sa a cikin kalmarka fa daga ina ya zo? Shi da riba duk na Larabawa ne. Zinariyar ma daga dinari take. Mu a wajenmu lanho tsofaffi ke cewa, daga Faransanci. Ku 'yan Nijeriya in kun aro kalma ta zama Hausa, in mu muka aro sai ku ce mun ɓata harshe. Taron Bronx ɗin nan kuwa na tabbata 'yan Nijar da 'yan zangon Gana sun fi ku yawa a ciki.

Malam Na-Zazzau: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Na jiya baƙo ne. Kuma Hausar da ake rubutawa tana da ƙa'ida, ba kowa da tasa ba.

Ɗan Damagaram: Ƙa'idar da aka yanke a Kano ba a tambaye mu ba.

Tafinta: Don Allah a yi haƙuri, gobe da safe zan kai wa mai bugawa. Zan rubuta zinare, in sa gwal sau ɗaya a farko don kowa ya gane. Mu koma kan uwar kuɗi.

Maman Sadik: Ni fa tambayata ta gaske ce yanzu. Nawa ban saya ba. Sarƙa da 'yan kunne na lefe ne, warwaro huɗu kuma gadon mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ina uwar kuɗi a nan? Ban fitar da ko kwabo ba.

Hajiya Akanta: Amin, Allah ya yi mata rahama. Biyun hukuncinsu daban. Abin da aka ba ki kyauta, kamar na lefe, in kin sayar da riba, kuɗin da mai bayarwar ya saya shi ne uwar kuɗinki, har da kuɗin aikin maƙeri da ya biya. Don haka rasidin maigida ko na 'yan'uwansa da suka haɗa lefen shi za ki nema. Na gado kuwa ba a komawa kan abin da marigayiya ta biya. Ƙimar warwaron a ranar rasuwarta ita ake ɗauka. In masu rabon gado sun sa an auna an kimanta a rubuce, adana takardar nan da kyau. In ba a yi ba, a samu nauyi da karat, 18 ne ko 21 ko 22, a duba farashin giram na ranar, a rubuta a ajiye tun yanzu.

Abu ɗaya da ke ɓata wa mata rai: in kin sayar da kayan adon da kike sawa kika faɗi, wanda yakan faru tunda mai saye ba ya biyan kuɗin aiki, ba za a rage miki komai a haraji saboda faɗuwar ba. Amma in riba ce sai an lissafa.

Malam Na-Zazzau: Alhamdu lillahi. Ga uwar kuɗin taki ta rushe da bakinki. Yaya za a ce uwar kuɗi a inda ba a zuba kuɗi ba? Ga wadda ta dace: tushen ƙima.

Hajiya Akanta: A kan gado kana da hujja, Malam, ban musa ba. Kalmar ta ɗan yi ɗingishi a wurin. Amma in na ce wa mutum "cire uwar kuɗi, abin da ya rage riba", ya gama fahimta kafin in rufe baki. Tushen ƙima sai na yi masa wani karatun.

Alhaji Mai Gwal: Ina biye da ku daga Kano. Mu a kasuwa uwar kuɗi muke cewa, ko mu ce "yadda ya zo mini". Abin da zan ƙara shi ne rasidin kansa. Wannan siririn na inji yana goge kansa, bayan 'yan shekaru sai ka ga farar takarda. A ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa. Kuma a duba an rubuta kwanan wata, nauyi da giram, karat, kuɗin giram, da kuɗin aiki daban. Da yawa sai su rubuta "sarƙa ɗaya" da jimla, wannan ba ya raba gardama. Hajiya, wanda ke zaune can ya aiko aka sayar masa a nan fa?

Hajiya Akanta: Ya shafe shi, Alhaji. Ɗan ƙasa ko mai katin zama a Amurka ana lissafa masa abin da ya samu a ko'ina. Sai dai da dala ake lissafin, kuɗin saye a kan canjin ranar saye, na sayarwa a kan canjin ranar sayarwa. Shi ya sa abin da ya ninka sau da yawa a naira yana iya zama ƙaramar riba a dala. Wanda ya rasa rasidi kuma ya nemi bayanan banki na ranar ko littafin mai shago, sun fi babu.

Tafinta: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan kai: "harajin ribar sayar da kadara", na ƙara "sayar da" saboda maganar Hajiya ta farko. Sai "uwar kuɗi". A sakin layin gado zan rubuta "ƙimar ranar rasuwa, wadda ke tsayawa a madadin uwar kuɗi".

Baban Ummi: Kalma biyar. Ba za ta shiga kanun takarda ba. Mutane harajin gwal za su ce ko kun so ko kun ƙi.

Malam Na-Zazzau: Ban yarda da kadara ba, kuma rasidin nan a cire shi. Amma tunda ka ɗauki ƙima daga wajena, a buga haka nan. Bayan taron za mu dawo kan tofo.

Maman Sadik: Hajiya, zan turo miki hoton takardar rabon gadon ki duba mini. Ban ga sun rubuta karat ba.