Inji ya sa wa Hajiya magana a baki, ga shi jibi zan miƙa rubutu

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ina sammako wurin wata Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo ta Kumasi, ƙawar innata ce tun suna 'yan mata, da ƙyar ta yarda na naɗi muryarta. Wayata ma ta faɗi ruwa, sai ta ƙanena na ara. Na zuba abin da na rubuta a manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta fito da labari tsaf. Yanzu innata ta ce akwai maganar da Hajiya ba ta faɗa ba. Jibi zan miƙa. Ya zan yi?

Malam Edita: Wa alaikumus salam. Wace magana? Turo mu gani.

Ɗan Aboabo: "Na fara da jarin sidi miliyan biyar, manja ne sirrin jan launin." Amma Malam, miliyan biyar ɗin da bakinta ta faɗa.

Malam Edita: Ɗana, tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, dubu 10 na da ya koma sidi 1, amma iyayenmu na kasuwa har yau da tsohon lissafi suke ƙirga. Miliyan biyar ɗinta sidi 500 ne. Ka buga haka, ka mayar da mai tukunya attajira. Manja kuwa inji ne ya cike gurbi da shi. Karan dafi ke sa waakye ja, kai da ka tsaya bakin murhun ba ka gani ba?

Ka bi rubutun jimla-jimla. Wadda ka ji, rubuta mintin da take a muryar da ka naɗa. Wadda ka gani, sa alama. Wadda babu ko ɗaya, cire ta. Kuma duba bakin da ya ba Hajiya: in Hausar ta fito sumul kamar ta labaran rediyo, babu ko kalma ɗaya ta Hausar Zongo, ba ita ba ce.

Maman Sadiya: Ni ƙanwata cewa take da injin kada ya ƙara komai, shi ke nan.

Malam Edita: Yana ragewa, Maman Sadiya, ba ya hanawa. Kuma miliyan biyar ba ƙari ba ne, rashin sanin Kumasi ne.

Baban Nima: Ku kuna ta inji. Ni wani shafi ya kwashe rubutuna na layya kaf, ko sunana babu.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka maka, Baba. Malam, in na cire duka, rabin shafi zai rage, kuma salonsa ya fi nawa.

Malam Edita: To cike da abin da ka gani da asuba. Nawa ne kwano? Wa ke fara zuwa?

Ɗan Aboabo: Kuɗin zan gyara. Jimlar kam, ai ma'anarta ɗaya da abin da ta faɗa.

Maman Sadiya: Karanta wa Hajiyar mana, in ta yarda a bar ta.

Malam Edita: Don kunyar innarsa za ta yarda.