Neman shawara: jaka uku a kanta, oda biyar a waya

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, raina a ɓace yake tun safe. Ina sayar da jakunkunan kwamfuta da na makaranta a kasuwannin intanet guda uku, kuma duk lissafin kayana a tebur ɗaya yake a Google Sheets. Da kasuwa ɗaya na fara, mijina ne ya ce in ƙara ta biyu, ta ukun kuma wata ƙawata ce ta buɗe min lokacin da nake jego, ban ma so ba da farko. Kullum ƙarfe 9 na dare nake sauke odar ranar daga kowace kasuwa, in rage a tebur, in na gama da yara wajen 11 sai in ɗora sabon adadi a duka ukun da fayil ɗin CSV. Jiya tebur ya ce baƙar jaka saura 5. Yau oda 5 suka shigo, na je kanta na tarar 3 ce kawai ba ta da mai ita. Na soke oda biyu, kasuwa ɗaya ta turo min gargaɗi. Karo na uku ke nan a wata ɗaya. Ina nake kuskure?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Hajiya, maganar ba ta da tsawo. Tebur ba ya riƙe kaya, kanta ce ke riƙe kaya. Kowace safiya ki tashi ki ƙirga abin da ke kanta da hannunki, abin da kika gani shi za ki rubuta a kasuwannin. Shekara da shekaru haka nake yi. Duk wanda ya dogara da fomula wata rana sai ya yi kuka.

Ummi: Maman Hanif, ke kaɗai ke shiga ɗakin kayan? Ni abin da ya same ni ke nan, wata shida ina zargin lissafina ashe yarinyar da ke min naɗe kaya ce ke ɗauka ɗaya-ɗaya. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, don kamar ƙanwa na ɗauke ta.

Maman Hanif: A'a Ummi, makulli a hannuna yake, kuma jakunkunan ba su ɓata ba. Akwai biyu a gefe da na riga na naɗe na wasu ne. Alhaji, kayana sun fi iri 140 in an haɗa da launi da girma, ba zan iya ƙirga su kullum da safe ba.

Malam Sabi'u: Hajiya, tambaya biyu kafin in ce komai. Jiya da safe baƙar jakar nawa ce? Sannan in za ki sauke oda, wane kwanan wata kike zaɓa a wurin tacewa?

Maman Hanif: 8 ce da safe. Ta farko ta sayar da 2, ta uku ta sayar da 1, shi ne na rubuta 5. Kwanan wata kuwa na ranar nake zaɓa mana, tunda na jiya na riga na yi.

Malam Sabi'u: To ga inda ramin yake. Ki buɗe kasuwa ta biyu ki duba lokacin da aka yi odar jakunkuna biyun nan da kika ce kin naɗe. Ina kyautata zaton tsakanin 9 da 12 na daren jiya suka shigo.

Mu bi shi a hankali. Ƙarfe 9 kin sauke oda, kin ga 3, kin cire daga 8, saura 5. Daidai ne a wannan lokacin. Amma kasuwa ba ta rufe ba don kin tashi. Kafin 11 wani ya sayi 2 a kasuwa ta biyu, saura na gaskiya ya koma 3, tebur bai sani ba. Da kika ɗora fayil, ba ragewa ya yi ba, share lambar da ke can ya yi ya rubuta 5. Haka ɗora adadi yake aiki: abin da kika tura shi ne zai zauna, ko da ya tsufa da awa biyu. Kin wayi gari kowace kasuwa tana cewa 5, wato a idon masu saye jaka 15 gare ki, alhali 3 ce.

Abin da ya fi damuna shi ne na gaba. Yau da dare za ki zaɓi kwanan watan yau. Odar nan biyu kwanan watan jiya ke kansu, don haka ba za su fito ba. Jiya ba su shigo ba tukuna, yau kuma an tace su. Ke nan duk odar da ta faɗo tsakanin 9 da tsakar dare ba ta taɓa shiga teburinki, kina tura wa mai ita kaya amma lissafi bai ragu ba. Shi ya sa abin ke dawowa.

Alhaji Bala: Ka ga abin da nake faɗa ko? Da ta ƙirga da safe da duk wannan bai faru ba.

Malam Sabi'u: Alhaji, ƙirga tana da amfani, amma a nan sai an yi hattara. Da ta ƙirga yau da asuba kafin ta naɗe komai, jaka biyun da aka saya da dare suna nan a kanta, za ta ga 5 ta sake rubuta 5. Abin da ke kanta daban, abin da za a iya sayarwa daban. Sai an cire wanda aka yi oda ba a tura ba tukuna.

Alhaji Bala: Ni da zarar oda ta shigo nake cire kayan in sa a kwali daban. Wanda bai yi haka ba shi ya jiyo. Kuma iri 140 ɗin ma ya yi yawa, a rage su zuwa 30 masu tafiya, a huta.

Maman Hanif: Na duba, 9:40 da 10:15 suka shigo. Amma Malam, lokacin nan shi kaɗai nake da shi. Ba sakaci ba ne, ba zan iya zama kan waya har 12 ba. Kuma ba zan rage kaya ba Alhaji, masu launin da ba sa tafiya da sauri su ke jawo min sababbin kwastomomi.

Malam Sabi'u: Ba sai kin canja lokaci ba. Ki daina goge lamba kina rubuta sabuwa a gidan adadi, don in kin goge 8 kin sa 5 babu abin da zai nuna miki wace oda aka cire, wace ba a cire ba. Ki buɗe wani shafi a cikin teburin, ki sa masa suna `Motsi`. Kowane layi abu ɗaya ne da ya faru: A kwanan wata, B lambar oda, C lambar kaya wato SKU, D adadi. Kaya sun shigo 8, ki rubuta 8. An sayi 2, ki rubuta -2. An dawo da ɗaya lafiya lau, ki rubuta 1. A babban shafin, in SKU yana A2, saura zai fito da kansa:

```
=SUMIF(Motsi!C:C,A2,Motsi!D:D)
```

Sannan kullum ki sauke odar kwana biyu, jiya da yau. Wasu za su maimaitu, wannan ba matsala ba ne, ki sa wannan a E na shafin `Motsi` ki ja shi ƙasa:

```
=COUNTIFS(B$2:B2,B2,C$2:C2,C2)>1
```

Duk layin da ya nuna TRUE an riga an shigar da shi a sama, ki goge shi. Na haɗa da C ne saboda oda ɗaya tana iya ɗaukar kaya iri biyu. Ki riƙa sa harafin kasuwa a gaban lambar oda, kamar `B-40417`, kada lambobin kasuwanni biyu su yi karo. Layin shigowar kaya da na kayan da aka dawo da su ma ki ba kowanne tasa lambar a B. Abu na ƙarshe, saukewa da ɗorawa su zama zama ɗaya. In 11 za ki ɗora, to 11 saura kwata za ki sauke.

Nura: Anti, duk wannan wahala ce. Akwai manhajojin da ke haɗa kasuwanni, da an saya a ɗaya su rage a sauran. Ki biya kuɗin wata ki kwanta. Ni dai nawa ya taɓa mayar min da kaya 60 zuwa sifili a dare ɗaya saboda a wata kasuwa na rubuta `JK-01` a wata kuma `JK01`, sai da na kwana ina gyara, masu manhajar ko amsa ba su ba ni ba sai bayan kwana huɗu. Amma duk da haka ya fi tebur.

Maman Hanif: Nura, ribar ba ta kai ta ɗauki kuɗin wata ba. Kuma ni ma lambobin kayana ba iri ɗaya ba ne a duka ukun, ta ukun ƙawata ce ta sa nata salon.

Malam Sabi'u: To wannan sai an fara gyara shi, Hajiya, ko da tebur ko da manhaja. In lambar ta bambanta ko da da ɗan fili ɗaya ne a ƙarshenta, SUMIF ba zai yi ƙorafi ba, tsallake layin kawai zai yi, saura ya fito da yawa.

Hajiya Rabi: 'Yata, ni ban iya fomula ba, amma ga abin da nake yi. In kaya ya sauko ƙasa da 6 ba na rubuta duka a ko'ina, rabawa nake. Da ni ce da jaka 5, sai in ba ta farko 2, ta biyu 2, ta uku 1. Ko duk sun saya a minti ɗaya ba za a wuce 5 ba. In ya rage ɗaya tak, a kasuwa ɗaya kawai nake barinsa.

Malam Sabi'u: Gaskiyar Hajiya Rabi ce, kuma shi ne abin da teburin ba zai iya yi ba. Ko lissafi ya yi daidai ƙarfe 11, in kin rubuta 3 a kasuwa uku kuma sau ɗaya kike sabuntawa a rana, ana iya sayen 9 kafin ki dawo. Rabawa ce kaɗai ke rufe wannan ƙofar, da sharaɗin lambar da aka raba ta zama ta gaskiya. Jiya da an raba 5 ɗin nan ma, da an wuce da 2.

Alhaji Bala: Rabawa asara ce. Mai saye ya zo kasuwar da ta ƙare, kaya na zaune a wadda ba kowa. A ƙirga kawai.

Maman Hanif: Abin da nake tsoro ke nan. Ta farko ita ce ke da ciniki, in na ba ta 2 kafin azahar sun ƙare, ta nuna babu, kuma na lura in kaya ya nuna babu sai ya daɗe bai dawo sama ba. Shafin `Motsi` zan gwada in na samu sarari ƙarshen mako, ko da yake teburin nan shekara biyu yana min aiki, ba na so in birkita shi. Amma oda da aka soke fa? Biyun da na soke yau, na ga kasuwa ɗaya ta mayar da su cikin adadi da kanta, yanzu tana nuna ina da baƙar jaka alhali babu ko ɗaya.

Ummi: Ki je ki mai da shi sifili yanzu-yanzu kafin wani ya saya. Ni dai har yanzu ina ganin ki canja makulli.

Maman Hanif: Na mayar. Malam Sabi'u, in oda ta soku kafin in shigar da ita a `Motsi`, in rubuta ta da -1 sannan 1, ko in bar ta gaba ɗaya? Kuma lambobin kasuwa ta uku, in na canja su yanzu, ba zai taɓa odar da ke hanya ba?