Tikiti sun maimaitu a layin aiki, wasu ma suna karo da juna: in haɗe ko in rufe?

Hafsat:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai ba shaguna da gidaje intanet, da Zendesk muke karɓar koke. Wadda ke riƙe da layin ta tafi hutun haihuwa, aka ɗora ni ba wanda ya nuna mini komai, ga ogan ba ya son ganin layi ya yi tsawo, kullum da safe sai ya tambayi lamba. Ranar Litinin ƙarfen sabis ɗinmu na wata unguwa ya ɗauke, mutum 14 suka rubuto, na haɗe su duka cikin tikiti ɗaya. Yanzu wani kwastoma yana faɗa wai saƙonnin wasu na shigo masa. Wata mata kuma ta rubuto sau uku kan abu ɗaya, na haɗe, yau ta ce an yi banza da ita, ni kuma ban ga tikitinta a layi ba. Sannan akwai shago ɗaya mai tikiti biyu: ɗaya na cewa a yanke layin ƙarshen wata, ɗaya na cewa a ƙara musu tsari. Wanne zan rufe? Don Allah a taimaka, kaina ya ɗau zafi.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malama Hafsat, ki dakata da taɓa Merge tukuna, domin abin da aka haɗe ba ya warwaruwa. Tikitin da aka haɗe cikin wani yana tafiya kai tsaye zuwa Closed, kuma Closed ba ya sake buɗuwa.

Na mutum 14 ɗin ba maimaici ba ne. Matsala ce ɗaya ta sami mutane daban-daban, kowa da yarjejeniyarsa da haƙƙinsa. Idan aka haɗe tikitin mutum biyu daban, mai tikitin da aka rufe yana komawa CC a kan wanda ya rage. Yanzu tikitinki ɗaya na ɗauke da mai shi da mutum 13 a CC. Duk amsar fili da kika rubuta tana zuwa musu duka, wanda ya mayar da amsa kuma sauran suna gani. Kwastoman nan da gaskiyarsa. Mutum kan rubuta lambar waya da kwatancen gida a cikin koke, yanzu ga shi a hannun baƙi.

Abin da ake yi wa irin wannan shi ne ki buɗe sabon tikiti da kanki, ki sa Type ɗinsa Problem, ki ba shi suna kamar "ƙarfen sabis na unguwa kaza ya ɗauke ranar Litinin". Kowane tikitin kwastoma ki sa Type ɗinsa Incident, ki jingina shi da wancan Problem ɗin. Kowa na nan da tikitinsa, ba mai ganin na wani. Ranar da aka gyara, in kika sa Problem ɗin Solved, duk waɗanda ke jingine da shi za su zama Solved, kuma bayanin da kika rubuta zai shiga kowannensu. Saboda haka kada ki ambaci sunan kowa a cikin wannan bayani na ƙarshe.

Gyaran abin da ya riga ya faru kuwa, fara da cire mutum 13 ɗin daga CC yau ɗin nan, kafin ki rubuta ko kalma ɗaya a tikitin. Sai ki nemo waɗanda aka rufe:

```
tags:closed_by_merge
```

Ki buɗe kowanne daga cikin na mutum 13 ɗin, ki danna Create follow-up, zai ba ki sabon tikiti da sunan mai shi na asali. Sababbin ne za ki mayar Incident.

Hafsat:
Na gode Malam. Amma fa oga ne ya ce kada ya ga tikiti sama da 30 a buɗe. In na yi yadda ka ce, 14 ɗin nan suna nan a layi suna ƙirguwa. Kuma ai matsalar ɗaya ce, ban ga laifin haɗewa ba in da ba don CC ɗin ba.

Bashir:
Ni dai ƙa'idata mai sauƙi ce: kullum sabo ake haɗewa cikin tsoho. Tsohon shi ke ɗauke da ranar da kwastoma ya fara kuka. In kika rufe tsohon kika bar sabon, wanda ya yi kwana biyar yana jira zai zama kamar yau ya zo, ya koma ƙarshen layi. Maganar CC kuma, akwai wani ɗan akwati a shafin haɗewa, Requester can see this comment. Ki cire alamar, shi ke nan ba wanda zai ga komai.

Malam Nasiru:
Bashir, rabin maganarka daidai ne. Akwatin nan bayanin haɗewar kawai yake ɓoyewa, wato ɗan rubutun da ke cewa an rufe wannan an kai cikin wancan. Ba ya hana mutum shiga CC, ba ya ɓoye amsoshin da za su biyo baya.

"Kullum cikin tsoho" kuma ina zargin shi ne ya ɓatar da tikitin matar nan. Malama Hafsat, ki duba tikitinta na farko, wane matsayi yake? Ana iya haɗe buɗaɗɗen tikiti cikin wanda ya riga ya zama Solved, kuma haɗewar ba ta sake buɗe shi. A ce ta rubuto ranar Asabar, wani ya amsa mata da "ki kashe na'urar ki kunna" ya sa Solved. Ta sake rubutowa Litinin da Talata ta wata hanya, tikiti biyu suka buɗe. Ke kika zuba biyun cikin na Asabar. Biyu sun zama Closed, ɗaya yana Solved, ba ko ɗaya da zai fito a jerin aikin da ake dubawa. In ba a canja saitin farko ba, bayan kwana 4 shi ma na Asabar ɗin zai rufe da kansa. In har yanzu yana Solved, ki mayar da shi Open yanzu. In ya riga ya rufe, sai Create follow-up.

Ni wanda nake bari shi ne wanda aiki ke kansa: mai ma'aikacin da aka ba, mai tarihin abin da aka gwada. Sau da yawa shi ne tsohon, shi ya sa ƙa'idar Bashir kan ci. Amma sai an duba. Kuma kafin ki haɗe, ki kwafe abin da ke cikin wanda zai mutu, don Priority da Tags da sauran gurabensa ba sa bin sa. In na Talata ne aka sa wa Urgent, na Asabar yana Low, bayan haɗewa Low za ki samu. Hirar da ke ciki ma ba ta ƙaura gaba ɗaya, saƙon ƙarshe ne ke fitowa a bayanin haɗewa, sauran sai an bi mahaɗin an koma an karanta. Ma'aikacin da ke kan babur cikin rana ba zai koma ba. Ki rubuta masa taƙaitawa a Internal note: ta fara kuka ranar kaza, an gwada kaza, sabuwar lambarta kaza.

Maman Ikram:
Hmm. Mu a wurinmu masu haɗewa ba su ne matsala ba, masu kwasar tikiti ne. Mutum ya ga mai sauƙi ya sa sunansa, ya ga maimaicinsa shi ma ya sa sunansa, ya rufe biyu a ƙirga masa biyu. Ƙarshen wata shi ne gwarzo. Mu masu bin ƙa'ida ana ce mana ba ma sauri. Ni Hafsat shawarata ki goge maimaicin kawai, Delete, kowa ya huta. Ba lamba, ba rigima.

Bashir:
Anti, gogewa kuma? Ranar da kwastoma ya ce sau uku na rubuto, me za a nuna masa? Bayan kwana 30 ma ba a iya dawo da wanda aka goge. Delete na saƙon banza ne da talla.

Hafsat:
Na duba, na farkon nata Solved ne, gaskiya. Amma ba ni na sa shi Solved ba, ɗan aikin dare ne. Na mayar da shi Open. To shagon fa? Ni na yi niyyar rufe na yankewar, tunda na ƙarin tsarin ne ya shigo daga baya.

Sadiq:
Haka ake yi ai, na ƙarshe ke shafe na farko. Mutum ya canja ra'ayi ne. Ki rufe na farko ki wuce, kada ki wahalar da kanki.

Malam Nasiru:
Na ƙarshe yana shafe na farko ne in bakin ɗaya ne ya faɗi biyun. Malama, ba ki gaya mana wa ya turo kowanne ba. A shago abu ne sananne maigida ya ce a yanke saboda kuɗi, yaron shago da ke amfani da intanet ɗin ya ce a ƙara saboda yana jan ƙafa, ba wanda ya san da maganar ɗan'uwansa.

Waɗannan ba a haɗe su, ba a kuma rufe ɗaya bisa zato. Ki ɗauke su duka biyu ki sa sunan mutum ɗaya a kansu, don kada wani ya aiwatar da ɗaya wani ya aiwatar da ɗayan. A kowanne ki sa Internal note mai lambar ɗan'uwansa, ki rubuta "kada a aiwatar, yana karo da wancan". Ki duba sunan wa ke kan yarjejeniya, ki kira shi, ki ce ya tabbatar a rubuce. Kafin ya amsa ki bar su a Pending. In ya zaɓa, wanda aka fasa ki rubuta wa mai shi dalili a fili sannan ki sa Solved, don in da kuskure ya amsa tikitin ya sake buɗewa. Wannan ƙofar ce Merge ke toshewa.

Abu ɗaya kuma: shin umarnin yankewa ya riga ya fita daga hannunku? Rufe tikiti ba ya soke aikin da aka riga aka miƙa. In masu lissafin kuɗi sun sa shagon a jerin waɗanda za a yanke, ranar 30 ga wata za su yanke ko tikitin na buɗe ko na rufe.

Sadiq:
Malam, wannan ai aikin rabin yini ne kan shago ɗaya. Mai tikiti sittin a gabanta yaushe za ta yi duk wannan?

Hafsat:
Na yankewar daga imel ɗin Alhajin ne, ɗayan ta waya aka kira, wanda ya ɗauka bai rubuta sunan mai kiran ba. Masu lissafi kuma nasu jerin daban ne a Excel, ba ni da damar gani. Amma ni a ganina wa zai kira ya ce a ƙara masa tsari in ba da sanin Alhaji ba? Na kira shi sau biyu bai ɗaga ba, an ce ya yi tafiya. Kuma har yanzu ba wanda ya ce mini yadda zan yi da maganar 30 ɗin oga.

Bashir:
Ki yi masa View, wato jerin tikiti nasa, da ba ya nuna Incident, 14 ɗin su koma 1 a idonsa.

Maman Ikram:
Ranar da ya gane kuma ya ce ta ɓoye masa aiki? Ni ba ruwana.