Na sa gidanmu a haya, sai ɗalibai ke kira: ya kuke rubuta naku?

Baban Walida

Assalamu alaikum jama'a. Bayan rasuwar mahaifinmu muka yanke shawarar ba da gidan da ya bari a Hayin Dogo haya, don kada ya zauna ba kowa ya lalace. Ni aka ɗora wa aikin. Abin da na rubuta na tura shi ne: "Gida mai kyau na haya a Samaru kusa da jami'a, ɗaki huɗu, akwai ruwa da wuta, farashi mai sauƙi." Sati biyu ke nan wayata ba ta huta ba, amma kusan duk masu kiran ɗalibai ne da ke son ɗaki ɗaya. Magidanta biyu kawai suka zo duba shi. Na farkon ya ce shi bai ga ɗaki huɗu ba, na biyun ya tsaya a bakin lungu ya ce motarsa ba za ta shiga ba, ya juya. Wanda ya taɓa ba da gida ko ya taɓa nema, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Dillalin Kwangila

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Malam, shekara 19 nake wannan sana'a. Kafin in ce komai, lissafa mana ɗakunan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Baban Walida

Amin, na gode. Ɗakin kwana biyu ne, da falo, sai ɗakin da ke cikin zaure wanda ƙofarsa ke kallon waje. Akwai kicin, banɗaki ɗaya a cikin uwar ɗaka, ɗaya a tsakar gida.

Dillalin Kwangila

To ka ga inda gizo ke saƙa. A wurinka ɗaki huɗu ne, don mu a gidajenmu duk abin da ke da bango huɗu da ƙofa ɗaki ne. Amma mai neman haya idan ya ji "ɗaki huɗu" ɗakin kwana huɗu yake lissafawa, falo kuma daban. Mutumin da ya zo bai yi maka rashin adalci ba, wataƙila mata biyu gare shi ko 'ya'ya manya maza da mata da yake son rabawa. Gidanka sunansa "ɗaki biyu da falo, da ɗakin zaure". Kuma ɗakin zauren nan kada ka ɓoye shi cikin lissafi, fito da shi daban, don shi ne abin da zai ja magidanci: wurin saukar baƙo ne, ko ɗakin samarin gida.

Na biyu, kalmar "kusa da jami'a" ita ta kira maka ɗalibai. A Samaru duk wanda ya ga wannan kalma ya san ɗakunan ɗalibai ake nufi. Cire ta. Abin da ya kamata ya zo a kan take shi ne gidan na mutum ɗaya ne, ba gidan haya na taro ba. Ni haka nake sawa: "Gida sukutum na iyali ɗaya". Da ɗalibi ya ga haka ba zai ɓata katinsa ba.

Maman Hanif

Wallahi maganar "iyali ɗaya" nan ta taɓa ni. Lokacin da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa asibitin Shika, daga Kaduna muka ga tallan "gidan iyali a Zariya". Muka biya kuɗin mota muka zo, ni da goyo. Ashe sashe ɗaya ne cikin sassa uku, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Shi mai gidan abin da yake nufi da gidan iyali shi ne duk mazauna ciki masu aure ne. Ba laifi ba ne zama da mutane, amma da ya rubuta da ba mu taso ba. Ga shi kuma gidan a Tudun Jukun yake, maigidana zai riƙa ratsa gari kullum kafin ya kai Shika. "A Zariya" kawai ba ta gaya wa mutum komai, tunda Samaru ma da cikin birni ba ƙaramar hukuma ɗaya suke ba.

Abu Sumayya

Ni dai shawarata kada ka sa kuɗi ko kaɗan. Da ka rubuta farashi ka ɗaure kanka. Bari mutum ya zo ya gani, idan gidan ya shiga ransa sai a yi ciniki, wani ma ya ba ka fiye da abin da ka sa a rai. Kuma 'yan'uwa da maƙwabta ba sa buƙatar sanin nawa kuke karɓa, ka san halin mutanenmu da gidan gado.

Dillalin Kwangila

Abu Sumayya, maganarka ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, akwai masu gidan da ke hana ni faɗar kuɗi saboda ido. Amma ta farkon ban yarda ba. Haya ba cinikin rago ba ce, a kowace unguwa an san kimar ɗaki biyu da falo, ba wanda zai ninka maka. Abin da rashin farashi ke jawowa shi ne kira hamsin, arba'in a ciki tambayarsu ɗaya: "Nawa ne?" Ni ma ba kuɗin shekara kaɗai nake sawa ba, har jimillar abin da mutum zai ajiye kafin ya karɓi makulli. Domin a nan ake yawan ɓatawa. An ce masa Naira 400,000, ya haɗo ta da ƙyar, ranar biya a ce akwai la'ada kashi 10 cikin 100, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Sai ya ga kamar an yaudare shi, alhali ba a dai faɗa masa da wuri ba ne. Idan kai da kanka kake bayarwa ba dillali, rubuta "babu la'ada". Ina faɗa maka ne ko da yake abincina nake zubarwa.

Injiniya Ɗan Tudun Wada

Girman gida ai da fuloti ake faɗa. Ka rubuta ƙafa 50 da 100 ne ko rabin fuloti, sannan ka ambaci takardun, shaidar mallaka ce ta gwamnati ko ta mai unguwa. Ni ba na ko kallon gidan da ba a faɗi takardunsa ba.

Baban Walida

Injiniya, haya ce ba sayarwa ba. Amma rabin fuloti ne.

Hajiya Mai Jere

Injiniya ya ɗauka sayarwa ce, amma ya tuna mini wani abu. Ni girman da ya dame ni ba na fili ba ne, na ɗakin ne. Bara muka kama wa 'yar ƙanwata gida a Gyallesu, ango ya biya ba tare da ya kai mace ko ɗaya ta gani ba. Ranar jere muka zo da gado ƙafa shida da shida, da durowar kaya mai ƙofa huɗu, da madubi. Ɗakin ƙafa goma da goma ne. Gadon ya shiga, durowar ta tsaya a falo, har yau can take, kujera mai zaman mutum uku kuwa aka mayar gidan uwar amarya. Ɗana, ɗauki tef ɗin awo ka auna, ba zai ci maka minti goma ba. Idan ɗakunan sha biyu da sha biyu ne ka rubuta, duk macen da ta gani ta san kayanta za su zauna. Ka faɗi kuma ko ƙasan tayil ne ko siminti, don a san ko za a sayi leda.

Maman Hanif

Hajiya ta gama magana. Sannan "akwai ruwa" ɗin nan a fayyace shi. Gidan da muka samu daga baya an ce akwai ruwa, da gaske kuma akwai rijiya, mun shiga a watan Satumba tana cike. Da Maris ya kama sai guga ya riƙa dawowa da laka, muka koma hannun 'yan garuwa har aka yi ruwan farko. Rijiya ce, ko burtsatse, ko famfo? Tana kaiwa ƙarshen rani? Wuta ma haka, mitar gidan ce shi kaɗai mai kati, ko ana haɗa kuɗi da maƙwabta? Kuma idan akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, wa zai biya?

Dillalin Kwangila

Saura unguwa. Ka rubuta Hayin Dogo ɓaro-ɓaro, sannan Samaru, sannan Zariya. Kada ka yar da Zariyar, domin saƙo yawo yake yi: akwai Samaru a Gusau, akwai Tudun Wada a Kaduna da Kano, Sabon Gari kuwa ba a magana. Na taɓa samun wanda ya kira ni daga Kaduna muka yi ta magana a kan gidan Tudun Wada, sai da ya tambayi layin muka gane ba gari ɗaya muke nufi ba. Amma kada ka sa kwatancen da zai kai mutum har ƙofar gida, gidan da ba kowa ciki ɓarayin waya da famfo na son sa. Nisa daga bakin kwalta ya isa. Maganar mota kuma faɗe ta da bakinka. Wanda ke da babur ba ruwansa, mai mota kuma ka hutar da shi ka hutar da kanka.

Baban Walida

Allah Ya saka da alheri. Na je na auna da yamman nan. Ga yadda na mayar da shi, a duba mini:

"Hayar gida sukutum na iyali ɗaya: ɗaki 2 da falo da ɗakin zaure, Hayin Dogo, Samaru, Zariya. Naira 400,000 a shekara.

Ɗakunan kwana ƙafa 12 da 12, falo ƙafa 12 da 15, duka da tayil. Ɗakin zaure ƙafa 10 da 10, siminti ne, ƙofarsa a waje. Kicin ɗaya, banɗaki biyu, ɗaya a uwar ɗaka ɗaya a tsakar gida. Ba a haɗa gidan da kowa. Ruwa na rijiya ne, tana ja baya a watan Afrilu amma ba ta ƙafewa. Mitar wuta mai kati ce ta gidan kaɗai, babu bashi a kanta. Tafiyar kamar minti bakwai ce a ƙafa daga bakin kwalta. Babur da keke napep suna zuwa har ƙofa, mota ba ta shiga lungun.

Ana biyan shekara ɗaya gaba ɗaya, da Naira 30,000 na ajiya da za a mayar ranar tashi idan ba a ɓata komai ba. Jimilla Naira 430,000. Babu la'ada. Za a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Gyaran rufi da katanga namu ne, ƙananan gyare-gyare da yashe masai na mai haya. Ba a yarda a saka wani haya a ɗakin zaure ba. Ana duba gida Asabar da Lahadi bayan La'asar."

Sai lambar wayata a ƙasa. Abu ɗaya ya rage mini: yayarmu ta dage sai na ƙara "ma'aurata kawai".

Maman Hanif

Ni ban so ka sa ba. Maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, malamar makaranta ce, ba ta taɓa jinkirta kuɗin haya ba. Idan ta ga "ma'aurata kawai" ba za ta kira ba, kuma ai iyali ce.

Abu Sumayya

Amma idan bai sa ba, samari shida za su haɗa kuɗi su turo ɗaya ya ce shi magidanci ne. An yi wa kawuna haka a Palladan. Yashe masai kuma da ka ɗora wa mai haya, idan ya shiga ya tarar ta kusa cika fa? Ku yashe kafin ya shiga, ko ka cire wannan layin.

Baban Walida

Wannan gaskiya ne, ban ma duba ta ba. Gobe zan sa a buɗe a gani. Maganar ma'auratan kuma bari in sake zama da Yaya, don ita ce babba, kuma ɗakin zauren nan ma cewa take a bar mana shi mu zuba kayan Baba.

Dillalin Kwangila

To idan za ku riƙe ɗakin zaure, taken ya canza, kuɗin ma ya canza. Ku gama shawara a gida kafin ka sake turawa.